Ƙirga Ƙafa Kafin Ki Biya Haya

Jawabin da wakiliyar kwamitin rance ta gabatar a taron zagayowar shekarar ƙungiya

 

An ce mu 'yan kwamitin rance mu yi magana a kan inda ya kamata mace ta kama shago. Mu ba malamai ba ne, kun san mu, a kasuwa muka girma, karatun ma sai da girma ya zo muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma tunda aka ɗora mana duba takardun masu neman rance mun lura da abu guda. Yawancin waɗanda biya ya gagare su suna da ƙoƙari, kayansu ma masu kyau ne. Wurin da suka zauna ne ya cinye su. Kuɗin haya kuwa shekara guda ake biya a dunƙule, in kin miƙa ya tafi, ko kin yi ciniki ko ba ki yi ba. Sannan kuɗin nan na adashenmu ne gaba ɗaya, ga kuma mata biyu da suka tsaya miki. Shi ya sa muke so mu ba ku labarin yadda muka raka wata ƙanwarmu neman wuri bara, mataki mataki, da abin da muka gano.

Ƙanwar nan tamu ta karɓi rancen naira dubu 300, tana son ta sayar da kayan masarufi: magi, gishiri, sukari, omo, sabulu, man gyaɗa, taliya, da ɗan ƙulle-ƙulle. Dillali ya nuna mata wurare biyu. Na farko yana bakin babban titi, kusa da inda ake shiga kasuwa, haya dubu 180 a shekara. Na biyu yana cikin unguwa a kan kwana, gefen mai markaɗe, ga famfon burtsatse, ga makarantar Islamiyya a ƙarshen layin, haya dubu 60. Ranar Juma'a ya kai ta na bakin titi. Kun san yadda Wudil take ranar Juma'a, ko wurin sa ƙafa babu. Ta dawo tana cewa, "Yaya, ai na samu wuri, mutane kamar ƙudan zuma." Muka ce mata, madalla, amma kar ki ba da ko sisi tukuna, zo mu je mu ƙirga.

Ga yadda muke ƙirgar. Ki sami benci ko dakali kusa da ƙofar shagon da kike so, ki zauna rabin awa, sau uku a yini: da safe wajen ƙarfe bakwai da rabi lokacin da yara ke tafiya makaranta, bayan azahar, da kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Ki riƙe littafi da biro, duk wanda ya wuce ki ja layi ɗaya, in sun kai biyar ki gicciye. Wadda ba ta fara zuwa aji ba ta ɗebi wake a ƙulli da gwangwani biyu, duk mai wucewa ta jefa ƙwaya ɗaya. A da haka muke yi. Kuma kar ki yi rana ɗaya ki ce kin gama. Ki yi ranar kasuwa, ki yi wata rana a tsakiyar mako kamar Talata, in da hali ki ƙara Asabar.

To amma ba kowa ake ƙirgawa ba. Wanda ke cikin mota ko a kan babur yana gudu, ba naki ba ne. Wanda ke ɗaya hannun na titi, shi ma ba naki ba ne, don ba mai tsallaka babban titi da manyan motoci saboda magin naira hamsin. Mai tafiya a ƙasa ta gefenki kaɗai za ki sa a gwangwanin farko. Gwangwani na biyu shi ne mai muhimmancin: a nan za ki sa wanda ya tsaya ya sayi irin kayanki a maƙwabta, ko yaron da kika gani da kuɗi a hannu da kwano ko leda, wanda kin san aikensa aka yi.

Da muka zauna a na bakin titi ranar Juma'a, a zama ukun nan mutum ya fi dubu ɗaya ya wuce, har hannu ya gaji. Ranar Talata muka koma, mutum 270. A cikinsu waɗanda suka tsaya sayen kayan masarufi su 24 ne, kuma shago huɗu ke rabon su a jeren. Shida-shida ke nan. In ƙanwarmu ta shigo ta zama ta biyar, ko biyar-biyar ba za su samu ba, ita kuwa baƙuwa ce, sauran kowa da kwastomominsa na shekara da shekaru.

Na cikin unguwa kuwa, ranar Talata mutum 200 suka wuce, bai kai na titi ba. Amma kusan 30 daga ciki 'yan aike ne, yara da 'yan mata, suna wucewa da kuɗi a hannu zuwa wani shago can nesa, tafiyar minti goma. Muka bi wasu da tambaya, "Ina za ki, 'yammata?" "Umma ce ta aike ni sayen omo." Babu mai sayar da kayan nan a layin duka. Kun ga bambancin? Titi ya fi yawan masu wucewa, unguwa ta fi yawan masu saye, kuma babu wanda za ta raba su da shi.

Dalilin yana ga abin da ya fito da mutum daga gida. Mai wucewa ta bakin titi hankalinsa na kan motar da zai hau ko dabbar da zai saya a kara, ruwan leda da biskit ne iyakar abin da zai tsaya masa. Wadda ta zo markaɗe kuwa tana tsaye tana jiran layi, girki za ta koma, a nan take tuna babu magi a gida. Mai ɗiban ruwa kullum sai ya zo. Yaran Islamiyya in an tashi, uwa ta riga ta ce a biyo da sukari. Saboda haka in kina ƙirga, ki duba me ke jawo mutanen wurin, kuma abin zai ci gaba da jawo su gobe da jibi ko kuwa.

Daga nan muka zauna muka yi lissafin haya, wanda shi ne Malama ta fi nanata mana a aji: ki raba kuɗin shekara ya koma na kwana. Dubu 180 a shekara, dubu 15 ke nan a wata, naira 500 a kwana. Dubu 60 kuwa dubu 5 ne a wata, wajen naira 170 a kwana. Ƙanwarmu ta lissafa cewa a irin kayanta, in an haɗa mai riba da marar riba, naira 10 take samu a kan kowace 100. Ke nan a bakin titi sai ta yi cinikin dubu 5 kowace rana kafin ta gama yi wa mai shago aiki, ta fara yi wa kanta. A unguwa cinikin naira 1,700 ya biya hayar ranar.

Akwai kuma lissafi na biyu da mutane ke mantawa. A bakin titi, in ta biya dubu 180, ta ba dillali la'adarsa dubu 18, ta yi kanta da katako na dubu 30, abin da zai rage na sarin kaya dubu 72 ne. A unguwa, haya dubu 60, la'ada dubu 6, kanta dubu 30, saura dubu 204. Shagon da aka zuba wa kayan dubu 72 a jeren manyan shaguna huɗu, ai kango ne. Mai saye ya tambayi abu sau biyu kin ce babu, ba zai sake tambaya ba. Wuri mai kyau da ba kaya a ciki, kin kama wa mai gini ne kawai.

To yanzu sai maganar ranar kasuwa, don ita ce ta ruɗi ƙanwarmu, kuma ita ke ruɗin da yawa daga cikinmu. Garuruwanmu kowanne da ranarsa. Mu Juma'a, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis, wasu ma sunansu ya faɗi ranar, kamar Larabar Abasawa. Kasuwar mako rana ɗaya take ci, haya kuwa kwana bakwai take ci. Duk wanda zai ba ki shago a bakin irin wannan kasuwa, farashin ranar kasuwa zai sa miki, ke kuma ki biya har da na kwana shidan da wurin ke zama tsit.

Sannan ki san su wa ke zuwa ranar. Mutanen ƙauye da ke shigowa ranar Juma'a sun sayar da hatsi ko akuya, sayayyar mako za su yi, da yawa suke saye kuma farashin sari suke nema. Ranar ce kuma 'yan kasuwa ke zuwa daga Kano da kaya a mota, wasu kai tsaye daga Singa suka ɗauko, su baje a ƙasa, ba haya a kansu sai kuɗin tikitin rana. Ke da kika sari katan biyu a hannun na uku, ba za ki iya karya farashi kamar su ba. Jama'ar da kika gani ta cika ƙofarki, gaskiya ce, amma masu jarin da ya fi naki ne za su kwashe ta.

Ba muna cewa bakin kasuwa ba shi da amfani ba ne. Akwai sana'ar da ranar kasuwa ce rayuwarta. Mai abinci, mai fura da nono, mai kunun aya da zoɓo, mai sayar da buhu da igiya, mai ma'ajiyar kaya, waɗannan in sun yi nisa da kasuwa sun yi asara. Abin da za ki tambayi kanki shi ne: cinikin rana ɗayan nan zai biya hayar mako duka har ya bar mini wani abu? In zai biya, kama. In ba zai biya ba, to ba shago kike buƙata a can ba, tebur ko rumfar rana kike buƙata.

Haka kuwa muka shirya wa ƙanwarmu. Ta kama na unguwa. Mun riga mun gani a ƙirgarmu cewa ranar Juma'a unguwar na yin sanyi, don kowa ya tafi kasuwa, kuma cefanen da aka yo yakan kai har Asabar. Sai ta mai da Juma'a ranar fita: babbar 'yarta ta zauna a shago, ita ta ɗauki sabulu da omo da ƙulle-ƙulle a tire ta shiga kasuwa, ta biya tikiti, da yamma ta yi sarin mako da kuɗin ta dawo. Ta sami rabonta na ranar kasuwa ba tare da ta biya hayar bakin kasuwa ba.

Saura maganar maƙwabta masu sana'a irin taki. Nan ne mu kanmu muka taɓa faɗawa rami, shi ya sa ba ma jin nauyin faɗa. Shekarun baya mu biyu muka haɗa jari muka buɗe shagon atamfa da leshi a cikin unguwa. Dabararmu ita ce, ba kowa a nan mai sayar da su, duk matan unguwa namu ne. Mata kuwa suka yi ta zuwa. A buɗe turmi, a shafa, a yaba, a tambayi kuɗi, sai a ce, "Bari in je in yi shawara." Shawarar ita ce ranar Juma'a a shiga layin 'yan atamfa, ko in biki ne a hau mota zuwa Kantin Kwari. Muna da kala talatin, can akwai dubbai. Shekara ta zagayo ba mu iya sabunta haya ba, muka kwashe ragowar kaya, wasu rana ta riga ta cinye musu launi, muka sayar da faɗuwa.

Abin da muka koya shi ne kaya iri biyu ne. Akwai kayan da ake aiken yaro, akwai kayan da mai shi ke zuwa da kanta ta zagaya ta taya. Magi, gishiri, ashana, omo, kalanzir, kayan aike ne. Farashinsu sananne ne, na wannan shago da na wancan duk ɗaya, saboda haka wanda ya fi kusa shi ke ci. A irin waɗannan, kowane maƙwabci mai irin kayanki raba miki ciniki zai yi, ki nemi inda babu shi. Atamfa, leshi, takalmi, kayan ɗaki, kwanukan amarya, kayan zagaye ne. Ba mai fitar da dubu ashirin ba ta ga na wurare uku ba. Mai sayensu inda suka taru take nufa, kuma taruwar ce ke kiran ta. Ku dubi Kano: yadi a Kantin Kwari, kayan masarufi na sari a Singa, hatsi a Dawanau, kayan gwari a 'Yankaba, kayan marmari a 'Yan Lemo. Ba don suna ƙaunar juna suka jeru ba, sun san mai saye layin yake nema kafin ya nemi mutum. In irin wannan kaya za ki sayar, ƙaramar rumfa a cikin layi ta fi babban shago ke kaɗai a unguwa.

In kin shiga layi kuma, kar ki shiga da abin da kowa ke da shi ki ce za ki karya farashi. Na kusa da ke ya fi ki jari, zai jure wata uku yana sayarwa ba riba, ke ba za ki jure mako uku ba. Ki zauna ki saurari abin da masu saye ke tambaya ana ce musu babu. In layin duk manyan atamfofi ne, wataƙila babu mai yadin makaranta ko hijabin yara. Wannan giɓin shi ne wurinki.

Akwai kuma maƙwabcin da ba ya raba miki ciniki, kawo miki yake yi. Mai markaɗe na kawo wa mai kayan miya da mai magi. Mai shayi na sayen sukari da madara da burodi a wurinki in nasa ya yanke. Tela na kawo wa mai zare da zip da maɓalli. Mahauci na kawo wa mai tumatir da attaruhu. In kina duba wuri, ki ƙirga irin waɗannan kamar yadda kika ƙirga masu gasa da ke. Ki kuma tambaya ko suna nan daram, don in mai markaɗen nan ya tashi, rabin ƙafar da ƙanwarmu ta ƙirga ta tafi da shi.

Kar mu ɓoye muku, shagon unguwa ma da ciwonsa, sunansa bashi. A bakin titi baƙo ne ke saye, ya biya ya wuce. A unguwa kuwa maƙwabciyarki ce, wadda kuka yi suna da biki tare, za ta aiko yaro, "Wai in ji Umma a ba ta taliya biyu, in Baba ya dawo za a kawo." Wata na uku ƙanwarmu ta kawo mana littafinta, ciniki na tafiya, a kwanakin tsakiyar mako tana haɗa dubu 11 zuwa 13, amma bashin da ke waje ya kai dubu 28, ga ranar biyan ƙungiya ta matso. Muka ce ta ware littafin bashi daban, ta sa wa kowane gida iyaka, kuma ba sabo sai an biya tsoho. An yi ɗan fushi da ita mako biyu, daga baya aka saba. Yau tana zaune a cikinmu, ba ta taɓa tsallake biyan wata ba, kuma ta sabunta hayarta da kuɗin shagon, ba da sabon rance ba.

Kafin ki miƙa kuɗi, tambaya uku muke so ki yi, kuma ba dillali za ki tambaya ba, shi la'adarsa yake nema. Ki tambayi mai shayi ko tsohuwar da ke sayar da ƙuli a wurin. Ta farko: wa ke cikin shagon nan a da, me yake sayarwa, me ya tashe shi? In mutum uku sun shiga sun fita a shekara biyu, ruwa ba ya tsami banza. Ta biyu: yaya wurin yake da damina? Shagon da muke gani fes a watan Maris, a watan Agusta kwata na iya cika ta kwanta a ƙofarsa, ba mai tsallaka ruwa ya zo gare ki. Ki dubi gindin bango, in akwai shaidar ruwa za ki gani. Ta uku: mutanen da na ƙirga, shekara duka suna nan? Masu shaguna kusa da jami'a sun san wannan, ranar da ɗalibai suka tafi hutu layin kamar an share. Haka in kin yi ƙirgarki ana saura mako guda salla, ko da kaka lokacin da kuɗi ke hannun manoma, to ki rage, don ba haka sauran watanni suke ba.

Saboda haka kwamiti na roƙon taro ya amince da abu ɗaya. Daga bana, duk wadda za ta nemi rance don kama shago, ta haɗo takardarta da ƙirgar kwana biyu, ranar kasuwa da wata rana, da sunan sana'o'in da ke kusa da wurin, da hayar da aka raba zuwa ta kwana. Wadda rubutu ke ba ta wahala ta zo da gwangwanayenta, mu za mu rubuta mata. Wadda ke jin kunyar zama ita kaɗai a bakin hanya tana ƙirga mutane, ta faɗa mana, ɗaya daga cikinmu za ta ɗauko benci ta raka ta. Awa uku ne duka a kwana biyu, hayar shekara kuwa in ta tafi ba ta dawowa.